Kama da Wane Ba Ta Wane: Abin da Hoton Kwalin Magani Ke Tonawa

A tsakiyar daminar 2025, wajen ƙarfe tara na dare, ƙanwata da ke aure a ƙauye ta turo mini hoto ta WhatsApp, ta bi shi da saƙon murya. "Yaya, don Allah duba mini wannan. Baban yara ne zazzaɓi ya kayar, an gwada an ce maleriya ce. Ya sha na safe ya sha na yamma, amma har yanzu jikin kamar garwashi. Anya maganin nan na gaske ne?"

Duk wanda ya daɗe yana aiki a famasi ya saba da irin wannan saƙo. 'Yan uwa da maƙwabta sun ɗauka idonmu na'urar gwaji ce, da mun kalli kwali za mu ce ga na ƙwarai ga jabu. Hoton da ta turo kuwa fuskar kwali ce kawai, an ɗora shi a kan zanin gado mai furanni, hasken filasha ya wanke rabin rubutun. Na ga sunan maganin, na ga 80/480, wato haɗin atemeta da lumefantirin na manya mai ƙwaya shida da ake sha cikin kwana uku. Ban da wannan babu abin da hoton ya gaya mini. Fuskar kwali ita ce wurin da mai yin jabu ya fi kashe wa kuɗi, domin ita mai saye ke kallo. Wanda ya turo fuska kaɗai kamar wanda ya je neman aure ne ya tsaya a kan shaidar dangin ango.

Na ce mata zazzaɓin da bai sauka ba bayan sha biyu ba hujja ba ce a kan magani, domin na ƙwarai ma yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin jiki ya yi sanyi. Sannan na ce ta kashe filasha, ta shimfiɗa farar takarda daga littafin yara, ta sake ɗauko mini hotuna huɗu: gefen kwali inda aka buga lambobi, bayan katin maganin gaba ɗayansa, gaban katin yadda zan ga ƙwayoyin, sai kuma bakin katin, ɗan sirarin gefen nan da ba wanda ke kallo. Na ƙarshen na ce ta sa babban ɗanta ya riƙe tocila daga gefe, kusan a kwance da katin, kada ya haska daga sama. Dalilin haka zai fito nan gaba.

Kafin hotunan su iso, bari in faɗi abin da nake nema a cikinsu. Ba na neman kwali mai muni, domin yau jabu ma yana zuwa da kyau irin na ɗan maciji. Ina neman wurin da kayan suka ƙaryata kansu. Magani ɗaya yana zuwa da shaidu uku: kwali, kati, da takardar bayani da ke naɗe a ciki. A masana'anta ta gaskiya duk ukun suna haɗuwa a layi ɗaya, a rana ɗaya, ƙarƙashin lamba ɗaya, kuma akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan ya tabbatar bakinsu ya zo ɗaya kafin kaya su fita. Mai jabu kuwa sau da yawa a wani wuri ake buga masa kwali, a wani wuri ake manne kati, wani lokaci ma a ƙasashe daban. Shaidun da ba su zauna tare ba, da wuya su tsara ƙarya ɗaya har ƙarshe.

Lambar da ke haɗa su ita ce lambar rukuni, wadda 'yan kemis ke kira bac. Kamfani ba ya yin magani ƙwaya-ƙwaya, yana kwaɓa shi ne tukunya-tukunya, kuma kowane kwaɓi yana da lambarsa, ta yadda in matsala ta ɓullo za a iya janye wannan kwaɓin kaɗai daga kasuwa. A jikin kwali za ka gan ta bayan B.No. ko BN ko LOT. Kusa da ita akwai watan da aka yi maganin, bayan MFG ko MFD, da watan da zai daina aiki, bayan EXP. Masu sayen magani a Maradi ko Damagaram ko Garwa za su fi ganin LOT da FAB da PER ko EXP, ma'anar duk ɗaya ce. In an rubuta wata da shekara kawai, kamar 02/2027, ana nufin har ranar ƙarshe ta wannan watan.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, waɗannan lambobi ba tare da sauran zanen kwalin ake buga su ba. Ana buga kwalaye dubbai a maɗaba'a a ajiye, a bar ɗan fili babu komai, galibi ba a shafa masa man ƙyalli ba don tawada ta kama. Sai ranar da za a zuba magani wata na'ura dabam ta buga lambobin a wannan fili: ko ta fesa tawada ɗigo-ɗigo, ko ta danna su su lotsa cikin kwalin, ko ta ƙone fentin da haske su fito fari. Shi ya sa lambobin gaske kan bambanta da sauran rubutun, har sukan ɗan karkace ko su ɗan goce daga tsakiya. Mutane da yawa suna ganin wannan gocewa su tsorata, alhali ita ce al'ada. Abin da ke sa ni tsayawa shi ne akasin haka: lambar rukuni da ranar ƙarewa sun fito sumul, da haruffa iri ɗaya da sunan maganin, a ƙarƙashin ƙyalli ɗaya, kamar tare aka haife su. Wannan yana nuna an ɗauki hoton kwalin gaske ne da lambobinsa aka buga gaba ɗaya. In ka jera kwali biyu ko uku a hoto ɗaya ka ga lambobin sun zauna a wuri ɗaya tak, babu gocewar ko da gashi guda, zargin ya ƙaru.

Hotunan ƙanwata suka shigo ɗaya bayan ɗaya, da jinkirin da sabis ɗin ƙauye ya saba. A gefen kwali na karanta:

```
B.No. 2203A17
MFG   03/2024
EXP   02/2027
```

A kallon farko babu aibu. Tazarar wata 36 ce tsakanin yi da ƙarewa, kuma yawancin ƙwayoyi shekara biyu ko uku ake ba su, wasu har biyar. Lissafin ma ya bi ƙa'ida, domin abin da aka yi a watan uku yakan ƙare a watan biyu. Bugun kwalin kuma tsaf yake, ƙananan haruffa sun fito da kaifi, babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Da a nan na tsaya da na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Amma da na faɗaɗa hoton sai na lura da abu biyu. Layin farko ɗigogin tawadarsa ƙanana ne kuma sun ɗan kode, layi biyu na ƙasa kuwa baƙi ƙirin ne, haruffansu sun fi kauri, kuma sifilinsu ya fi na sama faɗi. Na'ura ɗaya a lokaci ɗaya ba ta canza hannu tsakanin layi da layi. Na biyu, a kewayen layukan ƙasa akwai wani dishi-dishi, farin kwalin ya ɗan yi toka-toka kamar inda aka goge allo da tsumma. Haka kwali ke yi in an goge tawada da tina ko man goge farce: tsohon rubutu ya tafi, amma ya bar inuwa, fatar kwalin kuma ta ɗan tashi.

Sai hoton ƙarshe, na bakin kati. A nan kamfanoni da yawa ba sa amfani da tawada, ƙarfe ne ke danna lambobin cikin roba da alminiyom lokacin da ake manne katin. In ka haska daga sama ba za ka ga komai ba sai walƙiya. In ka kwantar da haske daga gefe, kowane lotsi sai ya yi inuwa, lambobin su taso kamar zanen ƙwarya. Yaron ya riƙe tocilar yadda ya kamata. A bakin katin an danna 2203A17, daidai da na kwali, sannan EXP 02/2025.

Kwali ya ce 2027, kati ya ce 2025. Lambar rukunin ma ta goyi bayan kati: wasu kamfanoni kan saka shekara da wata a farkon lambar, kuma in 2203 na nufin watan uku na 2022, ƙara wata 36 zai kai ka daidai watan biyu na 2025. Ba kowane kamfani ke tsara lambarsa haka ba, don haka ba na kafa hujja da wannan shi kaɗai, amma a nan ya zo ya dace da sauran. Bayanin da ya fi kusa da gaskiya shi ne maganin asalinsa na ƙwarai ne, kwalinsa ma na ƙwarai ne, shi ya sa bugun ya yi kyau. Ya yi esfaya wata shida da suka wuce, wani ya goge ranakun kwali ya ƙara masa shekara biyu, ya bar bakin kati domin abin da ƙarfe ya danna ba ya goguwa, kuma ya san ba a dubawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A samamen da hukumar NAFDAC ta kai manyan kasuwannin magani na Idumota a Legas da Onica da Aba a watan Fabrairun 2025, cikin abin da ta bayyana ta gano a yankin Aba har da magungunan da wa'adinsu ya wuce ana sake musu rana, da na'urorin da ake yin hakan. Masu wayo a cikinsu sukan datse bakin katin da almakashi. Saboda haka in ka ga kati cikakke amma gefe ɗaya ya fi sauran gajarta, ko kusurwa biyu a zagaye suke biyu kuma a tsaye da kaifi, ka tambayi abin da aka yanke. Injin masana'anta yana yanka kusurwa huɗu iri ɗaya. Haka kuma ƙaramar takardar da aka liƙa a kan wurin rana: ɗauki hotonta da haske daga baya ko daga gefe, sau da yawa tsohon rubutun yana leƙowa ta ƙasa.

Har rigakafi bai tsira daga wannan dabara ba. A 2015, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Nijar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar rigakafi da aka samu a can, kuma ɗaya daga cikinsu lambar rukuninta ta gaske ce, sai dai ainihin wannan rukunin ya ƙare aiki tun 2011, ranakun da ke jikin kwalbar na ƙarya ne. Darasin da ke nan yana da muhimmanci: lambar rukuni ta gaske ba ta wanke magani. Rukuni ɗaya yana iya zama kwali dubu goma-goma, kowa na iya sayen ɗaya ya kwafi lambar. Abin da ke da wuya shi ne lamba da rana da kamanni su dace da juna, su kuma dace da littafin kamfani. Shi ya sa sanarwar gargaɗi ta NAFDAC ko ta Hukumar Lafiya ta Duniya kan kawo lambar rukuni tare da ranakun da hotuna, kuma ukun ake gwadawa tare.

A wasu kwalayen, musamman masu tsada, akwai ɗan murabba'i mai baƙaƙen ɗigogi, da lambobi a gefensa kowace da ƙaramar lamba a cikin baka. Wadda ta biyo bayan (17) ita ce ranar ƙarewa, an fara da shekara, sai wata, sai rana, don haka 270228 na nufin 28 ga Fabrairun 2027. Ta bayan (10) lambar rukuni ce. Ta bayan (21) kuwa ta wannan kwalin ce shi kaɗai a cikin duk kwalayen wannan magani. Kwali biyu na iya zama rukuni ɗaya, amma in hoto ya nuna biyu da (21) iri ɗaya, aƙalla ɗayansu kwafi ne.

To, in kwalin kansa ne jabu fa? A nan ingancin bugu ke shigowa. Kamfanin gaske yakan buga ƙananan rubutu da tawada guda, launin tambarinsa kuma da tawadar da aka riga aka haɗa, don haka in ka matso da kyamara sosai za ka ga launin a shimfiɗe kamar fenti, bakin kowane harafi kuma a yanke tsaf. Mai kwafi daga hoton kwalin wani yake aiki, injinsa kuma yana haɗa kowane launi ne daga ɗigogin tawada huɗu. Sakamakon haka tambarin da ya kamata ya zama kore sumul sai ya fito da ƙananan ɗigogin shuɗi da rawaya, baƙin rubutu ya yi gemun ja ko shuɗi a gefe ɗaya, ramukan da ke cikin haruffa irin a da e su toshe. Takardar bayani ta fi kowa tona wannan asiri, domin rubutunta ƙanana ne ƙwarai, kuma ta gaske a kan siririyar takarda take da ninki na inji, ba farar takardar hoto-kwafi da aka ninke da hannu ba. Sai dai a lura, hoton mutum ko na sauro da ke jikin kwalin gaske shi ma da ɗigogi ake buga shi. Rubutu da tambari ake dubawa.

Kuskuren rubutu tsohuwar alama ce amma har yanzu tana kama ɓarawo. A 2020, lokacin da jita-jitar korona ta sa kowa neman kulorokwin, an samu jabunsa a Kamaru da Chadi da Najeriya da Nijar da Kwango, wasu da kurakuran rubutu a jikin roba. Da aka gwada waɗanda aka samu a Kamaru da Kwango, wasu babu kulorokwin a cikinsu sam, sai farasitamol ko metronidazol, wanda muka fi sani da filajil. Na biyun yana da ɗaci, kuma mai saye ɗaci yake jira a harshensa. Ba sai ka iya Turanci ko Faransanci ba kafin ka yi wannan aikin. Ka ɗauki sunan maganin da adireshin kamfanin a kwali, ka bi su harafi-harafi a kati da takarda kamar mai duba allon almajiri. Kamfani ba ya mance yadda ake rubuta sunan garinsu.

Fallen alminiyom da ke bayan kati shi ma yana magana. Ana manne shi da robar ne da zafi da matsi, kuma ƙarfen da ke matsawa yana barin saƙa ta ƙananan murabba'ai ko ɗigogi a duk faɗin katin. A na gaske saƙar nan ɗaya ce daga wannan gefe zuwa wancan, ta kewaye kowane gurbin ƙwaya ba yankewa. A hoton da aka ɗauka da hasken gefe, na jabu yakan nuna wurare sumul inda matsi bai kai ba, ko tamoji, ko kumburin iska, ko bakin da ya fara ɗagowa. Wannan ba maganar ado ba ce, domin duk inda mannin bai kama ba danshin damina ya samu ƙofa. Rubutun kan fallen kuma ana maimaita shi ne a tazara ɗaya, kuma bai kamata ya bi yatsa ba in an murza. Ta gaba kuwa a duba ƙwayoyin: girmansu da launinsu ɗaya ne? Akwai gari a cikin gurbin, ko ɓantarewa, ko ɗigon baƙi? Harafin da aka danna a jikin ƙwaya ya fito da zurfi ɗaya a dukansu? Wasu magunguna da ba sa jure danshi, kamar amoksisilin mai haɗin kilabulanik, ana rufe su da alminiyom gaba da baya, ko a saka katin a jaka mai ɗan ƙunshin shan danshi. In wanda ka saba gani a haka ya zo a roba mai nuna ciki tsirara, akwai abin tambaya.

A nan zan ɗan yi ƙorafi a kan ɗabi'armu ta sayen ƙwaya biyu a yanko daga kati. Na san rashin kuɗi ne ke kawo ta, ba na zargin kowa. Amma gutsuren da aka yanko ba shi da lamba, ba shi da rana, wani lokaci ko cikakken suna babu. In an turo mini hotonsa babu abin da zan iya cewa. Mai sayen rabi ya nemi a nuna masa katin tun kafin a sa almakashi, ya ɗauki hoton bakinsa a nan gaban kanta.

Tambari mai walƙiya, wato hologiram, shi ne abin da ya fi ruɗin mutane, kuma a ganina shi ya fi komai rashin amfani a hoto. Labarin atesunet a kudu maso gabashin Asiya ya isa misali. Kamfanin Guilin na ƙasar Sin ya saka wa katinsa hologiram don ya bambanta da jabu, sai masu jabun suka bi shi. A binciken da aka wallafa a 2008, wanda masana suka yi tare da 'yan sandan ƙasa da ƙasa, an tattara samfuri 391 daga ƙasashen yankin, kusan rabinsu jabu ne, kuma an ƙirga nau'in hologiram na ƙarya har 16. Na farko-farko sitika ce kawai da ido ke ganewa, na baya kuwa sai da madubin ƙara girma da fitila ta musamman. Abin da ya kai masu bincike ga yankin da ake yin su ma ba a kwali yake ba, a cikin ƙwayar yake, har da ƙurar furanni da ta maƙale a ciki. Hologiram motsi ne ke nuna gaskiyarsa, hoto kuwa a tsaye yake. In dole ne, a ɗauki ɗan bidiyo ana juya katin.

Haka lambar NAFDAC. Mutanenmu kan ce "ai yana da lambar NAFDAC", kamar an gama magana. Buga lamba ba ya fi buga suna wuya. A 2012 jami'an kwastan a Luwanda ta ƙasar Angola sun buɗe lasifikokin da aka shigo da su daga Sin suka tarar da jabun Coartem kusan fakiti miliyan 1.4, babu sinadarin maleriya a ciki, kuma jabun irinsa da suka yawata a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a shekarun nan har da masu ɗauke da shaidar rajistar Najeriya. Amfanin lambar yana zuwa ne in an bincika ta. Hukumar tana da kundin magungunan da ta yi wa rajista, mai suna Greenbook, a `greenbook.nafdac.gov.ng`. Ka saka lambar da ke cikin hoton, ka ga ko sunan magani da ƙarfinsa da kamfaninsa sun dace da na hannunka. Ba sau ɗaya ba akan tarar lambar ta wani magani ce dabam aka aro. Akwai kuma wurin kankarewa da aka fara sakawa tun 2010, wanda ake gani a magungunan maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta: ka kankare, ka tura lambar ta tes kyauta zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a wurin, irin su 38353, amsa ta dawo. Ka karanta amsar duka ka gwada da kwalin, kada ka tsaya a kalmar farko. In kuma ka sayi kwali ka tarar an riga an kankare, mayar da shi. Wanda ya saya a Nijar ko Gana ko Kamaru kada rashin lambar NAFDAC ya dame shi, kowace ƙasa da hukumarta.

Hoto ma yana yi wa magani ƙazafi, wannan kuma na sha gani. WhatsApp yana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, matsewar kuma tana sa bakin haruffa ya yi gashi-gashi irin na jabu. Maganin haka a tura shi ta `Document` maimakon hanyar hoto ta kullum. Launi kuwa kada a yanke hukunci da shi sam: kwali ɗaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki, da hasken rana, da fitilar caji, launi uku zai ba ka, wayoyi biyu ma ba sa ganin rawaya iri ɗaya. Hanya ɗaya da launi ko girma zai zama hujja ita ce a ajiye wanda ake zargi kusa da wanda aka samo daga amintaccen wuri, a ɗauke su a hoto guda. Ko a nan ma a yi hattara, domin kamfanoni suna sauya zanen kwali, suna yin na kowace ƙasa dabam, wani ma yana da masana'anta biyu da injinansu suka bambanta. Bambanci dalilin tambaya ne, kamfani ko hukuma ke da hukunci. Masu talla a intanet kuma hoton kamfani suke ɗorawa, wanda ba shi da alaƙa da abin da ke cikin shagonsu. Ka ce a ɗauko maka na hannu, da gefen lambobi, kuma in kaya sun iso ka gwada.

Babbar iyakar hoto ita ce ba ya ganin cikin ƙwaya ko cikin kwalba. Maganin haƙoran yara na My Pikin da ya yi ajalin yara 84 a Najeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 daga masana'antarsa ya fito, a kwalinsa, gubar tana cikin ruwan. Haka magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Babu hoton da zai kama waɗannan, sai ɗakin gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ko jabu ne ko marasa inganci, kuma kashi na biyun sau da yawa kwalinsu ba shi da aibu. Shi ya sa ban taɓa amsa wa kowa da "na gaske ne" daga hoto ba. Amsata biyu ce: ko "kada a sha wannan", ko "ban ga abin zargi ba, amma a ina aka saya?" Tambayar ƙarshen ta fi duk abin da na lissafa nauyi.

A daren nan amsar ƙanwata ta farko ce. Maganin da ya wuce wa'adi ba lallai ya zama guba ba, amma atemeta ba ya son zafi da danshi, kuma babu wanda ya san ɗakin da wannan kwali ya yi bazara uku a cikinsa. Maleriya ba ciwon da ake gwaji da shi ba ne. Na ce da asuba a kai maigidan asibiti a sake duba shi, a gaya musu abin da ya sha da yawan da ya sha, a karɓi wani daga famasin asibitin. In kuwa ya fara amai ba tsayawa, ko ruɗewa, ko fitsarinsa ya yi duhu, kada a jira asubar. Na kuma hana ta jefar da kwalin ko mayar wa mai kemis, wanda mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Kwali da kati da sauran ƙwaya huɗu su ne shaida, kuma ana kai rahoto ofishin NAFDAC na jiha ko ta manhajar Med Safety. Ya warke cikin mako, alhamdulillahi.

Ga mai niyyar tura wa wani hoton magani, don Allah ka rufe sunan majinyaci in an rubuta shi a jiki, ka kashe filasha, ka sa farar takarda a ƙasa, kuma ka fara da bakin kati da gefen kwali a hoto ɗaya, yadda lambobin biyu za su zauna kusa da juna.